Yadda ake tara hujja kafin ka ce ba ka yarda da kuɗin da dila ke bin ka ba

Mafi yawan rigimar kuɗin da ƴan kasuwa ke kawo mini a shagona na fotokopi, nan gefen Kasuwar Dole, kusan iri ɗaya ce. Mutum yana Damagaram, dilansa yana Yamai, kusan kilomita 900 tsakaninsu. An yi ciniki ta WhatsApp, an aika kuɗi ta gishen kamfanin aika kuɗi, an sako kaya a bas. Bayan kwana biyu sai lissafi ya ƙi haɗuwa: dila ya ce akwai ciko, ko kaya su zo ba cika, wani lokaci ma duka biyun. A irin wannan hali rantsuwa ba ta raba gardama, domin shi ma wancan yana da tasa. Abin da ke raba ta shi ne ka nuna abu huɗu a jere: me aka yi ciniki a kai, nawa ka biya kuma hannun wa ya shiga, me ya iso gare ka, kuma a wace rana kowanne ya faru.

Zan riƙa kawo misalin wata Hajiya mai sayar da atamfa a Zango, wadda muka haɗa wa takardunta cikin azumin 2025. Ta sayi turmi 30 a kan sefa 8,500 kowanne, jimla 255,000, ta biya sau biyu. Kaya suka iso turmi 26, ga kuma dila yana cewa yana bin ta 120,000.

Kayan aiki

Ba su da yawa. Kana buƙatar wayarka da caji da sauran fili a cikinta, da waya ta biyu ko da ta aro ce, saboda akwai abin da sai da wata wayar ake ɗaukarsa. Sai littafin rubutu irin na ƴan makaranta da biro, da ambulan na takarda babba, da katinka na ɗan ƙasa, da ƴan canjin fotokopi. Ka kuma tanadi wurin ajiya na biyu wanda ba cikin wayarka yake ba: memori, ko adireshin imel, ko wayar wani na gida da ka yarda da shi. In ba ka iya rubutun boko ba, nemi yaron da zai rubuta maka, amma ka sa ya karanta maka kowane layi ka ji da kunnenka. Ajami ma yana yi, muddin lambobin sun fito sarai.

1. Kame bakinka tukuna

Wannan shi ne matakin da ya fi wuya, kuma a nan mutane suka fi yi wa kansu asara. Da zarar ka tura saƙon “wallahi ba zan yarda ba, sai mun je gaban hukuma”, ka sanar da wancan cewa ya fara share sawunsa. WhatsApp yana barin mutum ya goge saƙon da ya turo daga wayarka da tasa har wajen kwana biyu bayan turawa, yana kuma barin a gyara rubutu cikin minti 15 na farko. Zai iya cire hotonsa, ya sauke tallan kayan da ya saka, ko ya toshe lambarka.

Saboda haka in dila ya ce akwai ciko, amsa ɗaya ta isa: “To Alhaji, bari in duba lissafina in waiwaye ka gobe.” Kada ka ce ka yarda, kada ka ce ba ka yarda ba. Kada kuma kunya ta sa ka tura wani abu “a rage”, domin wanda ya biya rabin bashi kamar ya amsa cewa akwai bashin ne, kuma za a nuna maka wannan rasit ɗin daga baya.

Yini guda ya ishe ka duk aikin da ke tafe. Kada shirun ya wuce haka, akwai wa'adin da ke gudu, za mu zo kansa a mataki na biyar.

2. Jera ranaku a littafi

Kafin ka taɓa waya, zauna ka rubuta abin da ya faru, layi ɗaya ga kowane abu: kwanan wata da shekara, ƙarfe nawa, me ya faru, da abin da kake da shi na shaida. Inda ba ka da komai, bar gurbin a buɗe. Guraben nan su ne za su nuna maka inda za ka nufa da safe.

Na Hajiya ya fito haka. Litinin 3 ga Maris, an yi ciniki, ta aika 150,000. Juma'a 7 ga Maris, ta aika 105,000. Lahadi 9 ga Maris, dila ya ce ya kai kaya tashar bas. Litinin 10 ga Maris, an karɓo buhu, turmi 26. Talata 11 ga Maris, dila ya ce kuɗin farko kaɗai ya gani, kuma turmi 9,000 ne, wato 270,000 a cire 150,000, saura 120,000.

Kada ka rubuta “ran kasuwa” ko “ana gobe sallah”. Kasuwar Dole tana cika kowace Alhamis, wanda zai karanta takardarka a Yamai bai san wace Alhamis kake nufi ba. Duba kalandar waya ka sa lamba.

3. Kwashe hirarku da dila

Hoton fuskar waya, wanda samari ke ce wa kaptir, a yawancin wayoyin Android ana ɗaukarsa ne da danna maɓallin kunnawa da na rage murya lokaci guda. Kowa ya iya wannan. Abin da ba kowa ya iya ba shi ne ɗaukar hoton da zai yi amfani.

Fara da shafin bayanin dilan, inda lambarsa take fitowa cikakkiya da +227 a gabanta. Mutane sukan kawo mini hoto ashirin, kowanne a samansa an rubuta “Alhaji Atamfa”. Wannan suna ne da kai ka raɗa masa a wayarka, ba ya nuna ko wane ne. Hoto ɗaya na shafin da lamba take shi ke ɗaure sauran duka. In yana da shafin kasuwanci mai sunan shago da adireshi, ɗauki wannan ma, da tallan kayan da ka gani kafin ka saya, in har yana nan.

Sannan ka koma farkon cinikin ka riƙa ɗauka kana gangarowa. Ka bari layin ƙarshe na hoton farko ya sake fitowa a saman hoto na biyu, haka har ƙarshe, don kada a ce ka tsallake wani abu a tsakani. Ka tabbata ƴar alamar kwanan wata ta fito. In hirar ta jiya ce, wayar za ta rubuta “jiya” kawai, wannan kuwa bayan wata guda ba ya nufin komai, don haka ka rubuta ainihin ranar a littafinka a gefen lambar hoton. Kada ka yanke hoto, kada ka zana masa jan da'ira, kada ka goge inda kai ka yi zagi ko ka yi kuskure. In kana son nuna wani layi, ka zagaye shi da biro a kan kwafin takarda, asalin ya zauna yadda yake. Hirar da aka ga alamar an taɓa ta, ko da gaskiya ce a ciki, ta rasa rabin ƙarfinta.

Bayan hotuna, ka fitar da hirar gaba ɗaya. A cikin hirar ka danna ɗigo uku na sama, ka shiga `Plus`, ka zaɓi `Exporter discussion`. Zai tambaye ka ko ya haɗa da hotuna da muryoyi, ka ce ya haɗa. Ka tura abin da ya fito zuwa imel ko wata wayar. Amfaninsa shi ne kowane layi yana ɗauke da kwanan wata da lokacinsa. Amma rubutu ne da kowa zai iya gyarawa, shi ya sa ba ya tsayawa shi kaɗai, tare da hotunan yake tafiya.

Yanzu ga babbar matsalarmu a nan: cinikinmu da baki muke yin sa. Cikin hira goma da ake kawo mini, da ƙyar ka ga wadda aka rubuta farashi, duk saƙon murya ne. Hoton saƙon murya kuwa ba ya nuna komai sai ɗan layi da tsawon daƙiƙoƙi. A nan waya ta biyu ke shigowa. Ka ɗora wayarka a kan tabarma ko tebur, ka kunna bidiyo a ɗayar, ka nuna shafin lambar dilan, ka dawo cikin hirar, ka gangara har kwanan watan ya fito, sannan ka kunna saƙon a ji shi daga farko har ƙarshe, duk a ɗauka guda ba tsayawa. A yi shi a ɗaki, ba a bakin titi ba inda ƙarar kabu-kabu za ta cinye maganar. Daga nan ka rubuta abin da aka faɗa a littafi kalma da kalma, da ranar da lokacin.

A hirar Hajiya, saƙon da ya kashe maganar farashi bai kai rabin minti ba. Ranar 3 ga Maris da hantsi dilan ya ce da bakinsa: “Hajiya, saboda ke ce, na bar miki a jika tara ba dala ɗari.” Jika tara ba dala ɗari 8,500 ke nan. Shi ya riƙe “jika tara” a ransa, ya manta wutsiyar. Ba lallai ne ya yi niyyar cuta ba, mai ciniki da mutum hamsin a rana cikin hidimar kayan sallah yakan manta. Shi ya sa nake ce wa mutane, duk cinikin da aka yi da baki, a bi shi da rubutu da lambobi: “30 × 8,500 = 255,000, haka ne?” Ko babban yatsa ya turo maka, ya isa.

Abu biyu ka duba tun yau. In hirar tana da `Messages éphémères` a kunne, saƙonni suna ɓacewa da kansu bayan awa 24, ko kwana 7, ko kwana 90, gwargwadon yadda aka saita. Ka kwashe su kafin ka yi komai. Hoton da aka turo na gani sau ɗaya kuma waya ba ta yarda a yi masa kaptir, kafin ka buɗe shi ka riƙe waya ta biyu a shirye.

In da kira kuka yi ciniki, ba saƙo ko ɗaya, ka ɗauki hoton jerin kira mai nuna rana da tsawon magana. Ba na ba da shawarar naɗar muryar mutum a ɓoye, yana iya juyewa a kanka. Abin da ya fi shi ne ka tura saƙo cikin lalama, kamar mai tuni: “Alhaji, don in daidaita littafina, nawa ne muka tsaya a turmi ran Litinin?” Amsar da zai bayar kafin ya san akwai rigima ta fi kowace daraja. In akwai wanda yake zaune lokacin da kuke wayar, rubuta sunansa, ka tambaye shi tun yanzu ko zai yarda ya faɗi abin da ya ji.

4. Rasit, da sunan wanda ya karɓa

Ko ta Nita ka aika, ko Amana, ko Al Izza, ko ta waya da Airtel Money ko Flooz, abin da ake nema a shaidar biya ɗaya ne: lambar aiken, adadin kuɗi, rana da lokaci, sunan mai aikawa, da suna ko lambar wayar mai karɓa. Lambar aiken ita ce kan gaba, da ita ake binciko komai a na'urar kamfani. Ka kwafe ta a littafi da hannu, ka sake karantawa, sifili ɗaya in ya faɗi aikin ya tsaya.

In rasit ɗinka irin siririyar takardar nan ce mai santsi da ƙaramin inji ke fitarwa, ka sani ba tawada ce a jikinta ba, zafi ne ya rubuta ta, zafi kuma ke goge ta. A bazarar Damagaram, rasit ɗin da ya kwana biyu a aljihun gaban riga ko a ƙarƙashin kujerar babur yakan koma fari fat. Ka ɗauke shi hoto ranar da aka ba ka, a shimfiɗe, a inuwa, kusurwa huɗu duk su fito, ka kuma yi fotokopi. Kada ka kai shi a manne masa roba da injin zafi don wai ya daɗe, baƙi ƙirin zai fito. Ambulan na takarda a cikin akwati ya fi.

Ka lura rasit yakan nuna adadi biyu, abin da aka aika da ladan aikawa. Mutane sukan haɗa su su ce “na ba shi kaza”. Dila bai karɓi ladan ba, sai in kun yi da shi cewa a kansa yake. Ka rubuta su dabam.

In ta waya ka biya, saƙon da kamfani ya turo maka shi ne rasit. Kada ka goge shi don neman fili, ka ɗauki hotonsa da sunan mai turowa a sama. Hoton rasit da wani ya turo maka ta WhatsApp kuwa ba hujja ba ce sai ka tabbatar da lambar a gishe, domin ana ƙera na jabu.

Inda aka fi samun ɓaraka shi ne sunaye. Kuɗin Hajiya na farko ba gardama a kansu, sunanta ne, sunan dila ne. Na biyun fa, ɗan ƙanenta ta aika gishe, aka rubuta sunansa, kuma aka tura wa wani suna dabam a Yamai. Wanda ya kalli wannan rasit shi kaɗai, zai ga wani yaro ya aika wa wani yaro 105,000, babu Hajiya babu dila. Sai da muka ɗinke ɓarakar da abu uku. Na farko, saƙon ranar Alhamis 6 ga Maris da dare, inda dilan ya ce zai yi tafiya, a tura cikon da sunan yaron shagonsa, ya kuma rubuto sunan da lambar. Na biyu, hoton rasit ɗin da Hajiya ta tura masa ranar Juma'a, wanda alamar nan biyu ta nuna ya shiga wayarsa. In ka danna saƙonka ka riƙe, ka shiga `Infos`, zai nuna maka lokacin da ya isa da lokacin da aka karanta, in mutumin bai kashe wannan alamar ba, ka ɗauki hoton nan ma. Na uku, ɗan ƙanen ya koma gishen da ya aika, da katinsa da lambar aiken, aka duba aka ce masa an karɓi kuɗin tun ranar da yamma.

Wannan na ukun ka riƙe shi da kyau. Rasit yana nuna ka aika, bai nuna an karɓa ba. Wanda sunansa ke kan rasit shi zai je ya tambaya, da katinsa, don ba za su buɗe wa wani bayanin ba. Ka roƙi a ba ka a takarda da hatimi. In sun ce ba sa bayarwa, ka rubuta ranar da ka je, da reshen, da abin da aka faɗa maka. In rasit ɗin ya ɓace gaba ɗaya, haka za ka yi: ka je reshen da ka aika da kati, ka faɗi rana da adadi da lambar mai karɓa, ka nemi kwafi. Da wuri ya fi sauƙi.

In dilan babban shago ne mai ba da takardar ciniki mai lambar haraji, wadda ake rubuta NIF, ka nemi taka. Tana nuna ainihin sunan da aka yi wa shagon rajista, wanda sau da yawa ba shi ne sunan da ke kan allon ƙofa ba.

5. Shaidar abin da ya iso

Wannan matakin a tashar bas ake cin sa ko a faɗi. Kafin ka sa hannu a littafinsu, ka kewaya kayan ka duba: buhu nawa aka rubuta a takardar koli, wato takardar kayan da masu bas suka bayar, nawa ke gabanka, ɗinkin bakin buhu na asali ne ko an farke an sake, salatif ɗin kwali iri ɗaya ne ko akwai wani launi a kai. Ka ɗauki hoton kowane gefe, da rubutun da aka yi a jiki, da takardar kolin. In an rubuta nauyi a takardar, ka roƙi a sake aunawa a gabanka. In ka ga alamar taɓi, ka rubuta a gefen sa hannunka, “an karɓa a yage” ko “buhu ɗaya babu”, da kwanan wata, ka ɗauki hoton shafin. Ma'aikacin zai ɓata rai saboda layi ya yi tsawo. Ka ba shi haƙuri ka rubuta abinka.

Sai buɗewa. Wani ya riƙe waya, a fara bidiyo tun buhu yana ɗinke, a nuna takardar koli da ɗinkin, a farke, a ƙirga da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya, a juye buhun a ga ba komai a ciki, ba tare da an tsayar da ɗauka ba. Bidiyon da ya fara bayan an baje kaya a ƙasa ba ya nuna komai, kowa zai ce ka ɓoye huɗu a bayan ƙofa. In da hali a yi shi a tashar a gaban ma'aikacinsu. In kaya sun yi yawa, a yi a shago da shaidu biyu waɗanda ba ƴan gidanku ba.

Hajiya ba ta yi bidiyo ba, ba ta zaci komai ba. Abin da ya cece ta shi ne ɗan ƙanen ya ɗauki hoton buhun a kan babur a bakin tasha don ya nuna mata ya karɓo, ɗinkin kuma ya fito a hoton lafiya lau, sannan maƙwabcin shagonta yana tsaye aka ƙirga. Ba ta jefar da buhun ba, da muka mayar da turmi 26 ɗin ciki sai suka cika shi dam, babu inda huɗu za su shiga. Wannan ya nuna daga can aka ɗinke shi a haka, ba a hanya aka zare ba, don haka ba ruwan masu bas. Ka ga amfanin ajiye buhu da igiya da takardar da aka manna, har sai magana ta mutu. Kada kuma ka fara sayar da kayan da kake gardama a kan irinsu ko lafiyarsu.

Ga maganar wa'adi. Nijar tana cikin ƙasashen Afirka da ke bin dokokin kasuwanci na bai ɗaya da ake kira OHADA. A ciniki tsakanin ɗan kasuwa da ɗan kasuwa, in aibin kaya ko rashin cikarsu a bayyane yake ranar karɓa, dole mai saye ya sanar da mai sayarwa cikin wata guda, in ba haka ba ya rasa damar kafa hujja da shi. Tsakaninka da mai ɗaukar kaya a mota kuwa wa'adin ya fi gajarta sosai: ɓarna ko ɓatan da ake gani, a sanar da shi a rubuce kafin ranar aiki ta farko bayan karɓa ta wuce, wanda ba a gani sai an buɗe kuma cikin kwana 7, ban da Lahadi da ranakun hutu. Dokar ta kuma yarda a kafa wa ɗan kasuwa hujja ta kowace hanya, har da saƙon waya, shi ya sa duk wahalar nan ba ta banza ba ce. In dilanka a Kano yake, ka sani Najeriya ba ta cikin OHADA, a can za ka fi dogara da ɗan kamashon da ya haɗa ku da shugabannin kasuwa, kuma ka tabbata ka adana saƙon da aka tsayar da canjin sefa da naira na ranar, don a nan rigimar ta fi tashi.

6. Yi wa kanka hisabi

A shafi guda ka rubuta abin da aka yi ciniki, abin da ka biya, abin da ya iso, da bambancin. Na Hajiya: ciniki 255,000, an biya 150,000 da 105,000, babu bashi. An karɓi turmi 26, saura 4, kuɗinsu 34,000. Wato ita ke bin sa.

Ka yi wannan lissafin da zuciya ɗaya, kamar kai ne wancan ɓangaren. Ba sau ɗaya ba mutum ya shigo shagona yana huci, muna cikin jera takardu ya yi tsit, don ya ga tsohon cikon da ya manta, ko kuɗin mota da aka ce a kansa yake. Gara ka gano a ɗakinka da a gano maka a gaban dattawa. In akwai tsohon lissafi tsakaninku, ka ware shi a wani shafin, kada ka cakuɗa.

7. Lamba, kwafi, ajiya

Ka ba kowace hujja lamba bisa jerin ranaku, ka rubuta lambar a gefen layinta a littafi. Ka buga muhimman hotunan a takarda, shida ko takwas sun isa, ba dukan hirar ba, ka yi kwafi biyu. Asalin rasit da takardar koli ba sa barin hannunka. Duk wanda ya ce ka bar masa, ko a gishe ne ko a ofis, ka nuna masa asali ka ba shi kwafi, ka roƙi ya sa hannu da kwanan wata a naka cewa ya karɓa.

In za ka tura hotuna zuwa wata wayar don ajiya, ka tura su a matsayin `Document`, domin turawar da aka saba tana rage ingancin hoto har ƙananan lambobin rasit su dushe. Kada ka sayar da wayar ko ka yi mata wankin ƙwaƙwalwa kafin a gama. In kuɗin masu nauyi ne, na miliyoyi, akwai ma'aikacin shari'a da ake kira wisiye, wanda zai duba wayar ko kayan da idonsa ya rubuta takardar shaida mai hatimi. Ana biyansa, don haka ka tambayi kuɗin aikinsa tukuna ka auna da abin da kake nema.

Lambar sirrin asusunka da lambar karɓar kuɗin da ba a riga an karɓa ba, waɗannan ba hujja ba ne, kada su shiga takardun. Kuma kada ka watsa rasit da hoton dilan a zaurukan WhatsApp kana kiransa ɓarawo, kana iya tashi daga mai ƙara ka koma wanda ake ƙara.

8. Sai yanzu ka yi magana

A rubuce, gajere, ba zagi, da abin da kake so da ranar da kake so. Wanda muka rubuta wa Hajiya ranar Laraba 12 ga Maris ga shi: “Salamu alaikum Alhaji. Na duba lissafi. Ran 3 ga Maris ka bar mini turmi a 8,500, ga muryarka. Ran 6 ga wata ka ce a tura ciko da sunan yaronka, an tura 105,000 ran 7, ga rasit, gishe sun ce an karɓa ranar. Kaya sun zo turmi 26 a buhu ɗinkakke, saura 4. Ina roƙon a turo su ko kuɗinsu, 34,000, kafin ran 19 ga wata. Allah ya bar zumunci.” Muka haɗa da kwafin hujja huɗu, muka kuma ɗauki hoton saƙon bayan ya shiga.

Washegari dilan ya kira ya ce ya titsiye yaron shagon, ya amsa cewa ya karɓi kuɗin bai shigar a littafi ba. Hajiya ta ce masa ta gode, amma ya turo mata hakan a saƙo, ya kuma turo. Turmi huɗun sun iso a bas ɗin Asabar, wannan karon ɗan ƙanen ya buɗe kwalin a tasha, waya tana ɗauka. Da dilan ya ƙi, ambulan ɗin nan za ta ɗauka zuwa wajen wanda ya haɗa su, in bai yi ba sai shugabannin ƴan kasuwa, daga nan kotu, ko kwamisariya in abin ya nuna damfara ce tun asali. Kowannensu kwafi za ta ba shi, da shafin ranakun a sama.